Na tura takardar farashi an yi shiru: sau nawa zan sake tuntuɓa?

Assalamu alaikum Malam. Sana'ata haɗa sola ce a Kaduna, shekarata uku ina yi. Yawancin aikina na gidaje ne, amma bana na fara neman makarantu masu zaman kansu. Zan je in duba kayan wutarsu, in zauna in yi lissafi, in tura takardar farashi, sai a yi shiru. Wata makaranta na tura mata ta naira miliyan 4, na yi kwana tara kullum da safe ina tura wa shugaban makarantar "Barka da safiya ranka ya daɗe, ina tunatarwa," har ya toshe lambata. Tun daga nan na tsorata, yanzu in na tura sau ɗaya ba a amsa ba sai in bari. Abokina kuma ya ce sai an bi mutum sau bakwai. Sau nawa ya kamata in bi, kwana nawa tsakani, kuma me zan riƙa cewa?

Wani mai karatu, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanena. Ga wanda ya kira ka da kansa, ya bari ka shiga ka duba kayansa, huɗu ne. Saƙo huɗu bayan takardar farashin, cikin kamar wata guda, kowane ɗaya tazararsa ta fi ta wanda ya gabace shi. Ga wanda bai san ka ba kuma bai nemi komai a wurinka ba, biyu sun isa. Amma in ka ɗauki wannan adadin kaɗai ka tafi, za ka tura "ina tunatarwa" sau huɗu maimakon sau tara, kuma sakamakon ɗaya ne, sai dai a jinkirta toshe ka. Abin da ya sa na ce huɗu shi ne, a irin cinikinka dalilan da ke sa mutum ya yi shiru ba su cika wuce huɗu ba, kuma kowane saƙo aikinsa ya kawar da dalili ɗaya. Ranar da ba ka da sabon abin faɗa, ranar saƙonninka suka ƙare, ko na biyu ne ko na shida.

Ka sa kanka a kujerar shugaban makarantar nan. Takardarka ta shigo wayarsa yana tsaka da sauraron wata uwa da ta zo rigimar kuɗin makaranta. Ya buɗe, ya ga miliyan 4, ya rufe. Kuɗin ba nasa ba ne, na mai makarantar ne, kuma kafin ya kai maganar gabansa sai ya tanadi amsar tambayoyin da ya san za a yi masa: nawa za mu rage a kuɗin fetur, wa wannan yaron ya taɓa yi wa aiki, in batir ya mutu bayan wata shida wa za mu kama, ba za a iya yin rabi ba tukuna? Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da amsarsa. Sai ga gaisuwarka da safe. Gaisuwar ba ta ba shi amsar komai ba, ta dai tuna masa cewa akwai bashin amsa a kansa. Kwana na farko ya ji nauyinka, kwana na huɗu ya fara jin kunyar buɗe saƙonka, kwana na tara ya ga hanya mafi sauƙi ta rabuwa da kunyar ita ce ya rabu da kai. Mutanenmu ba sa son cewa a'a ƙiri-ƙiri, ballantana ga wanda ya sha rana ya zo ya yi musu awo kyauta. Don haka shirun nan sau da yawa ba ƙi ba ne, maganar ce ta maƙale a wani wuri, kai kuma aikinka ka gano inda ta maƙale.

Bari mu ɗauki makarantar taka ta miliyan 4 mu bi ta daga farko, kamar yau ka tura.

A ce ranar Talata ka tura takardar. Tun a ranar, kafin ka ajiye waya, ka faɗa masa yaushe zai sake jin ka: "Zan tuntuɓe ka ranar Alhamis in ji ko akwai abin da bai fito fili ba." Wannan 'yar jimlar tana sauya komai, domin saƙon Alhamis ya zama cika alkawari, ba naci ba.

Saƙo na farko ke nan, ranar Alhamis, kwana biyu bayan takarda. Ya zo da wuri ne saboda maganar tana da zafi a ransa, kuma idan takardar ma ba ta buɗu a wayarsa ba, gara ka sani yanzu. Sabon abin da wannan saƙon yake kawowa shi ne sauƙi. Takardar farashi cike take da sunayen inbata da fanel da kauri na waya, abubuwan da kai kake jin daɗin karantawa amma shi ba su dame shi ba. Ka taƙaita masa ita a layi biyu da harshensa, sannan ka yi tambaya guda ɗaya mai sauƙin amsawa:

"Ranka ya daɗe, taƙaitaccen abin da ke takardar: zai riƙe ofis, ɗakin kwamfuta da fankokin azuzuwa shida daga safe har a tashi, ban da famfon rijiya. Shin kai ne za ka yanke, ko akwai wanda ya kamata in shirya wa bayani a kai masa?"

Tambayar nan ita ce mafi tsada a duk jerin. Masu sana'a da yawa sukan yi wata guda suna bin mutumin da ko kwabo ba zai iya sa hannu a fitar ba. In ya ce sai mai makaranta, to ka san saƙonni uku da suka rage ba don shi kake rubuta su ba, don ya tura wa maigidansa ne, kuma dole kowanne ya tsaya da ƙafarsa ko da wanda zai karanta bai taɓa ganinka ba. Ka lura kuma na sa "ban da famfon rijiya". Faɗin abin da aikin ba zai yi ba tun yanzu yana sa a yarda da sauran maganarka.

Na biyu, Talata mai zuwa, mako guda cif da tura takarda, wato kwana biyar bayan na farko. Wannan shi ne saƙon da ya fi cancantar ka zauna masa, domin shi ne yake amsa tambayar kuɗi. Miliyan 4 ita kaɗai dutse ce. Sai an ajiye ta kusa da abin da suke kashewa yanzu take zama abin tattaunawa. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 babu mai makarantar da bai san zafin janareta ba, amma kaɗan ne suka taɓa zama suka tara kuɗin na shekara, saboda fita yake yi kaɗan-kaɗan, jarka bayan jarka.

Lissafin kuwa da alƙalumansu za ka yi shi, ba naka ba. Shi ya sa ranar da ka je awo ya kamata ka tambayi maigadi ko wanda ke tayar da janaretan lita nawa ake zubawa a rana. Shi ya fi shugaban makaranta sani. A ce ya ce maka lita 8. Kwanakin karatu kamar 20 ne a wata, lita 160 ke nan. Don sauƙin misali mu sa lita a naira 1,000, kai sai ka sa farashin ranar. Ya zama naira 160,000. Ka ƙara baƙin mai da gyara, a ce 20,000, ya zama 180,000 a wata. Ga inda da yawa suke yin son zuciya: sai su ninka da wata 12. Makaranta ba ta aiki wata 12, akwai hutu, kuma mai makarantar ya fi ka sanin haka. Da ya ga ka ninka da 12 zai ajiye duk lissafin. Ka ninka da 9, ya ba ka naira miliyan 1 da dubu 620 a shekara. Ka raba miliyan 4 da wannan, ka samu kusan shekara biyu da rabi. Idan kuma za su ci gaba da tayar da janareta don famfo, ka cire fetur ɗin famfon daga lissafin, ko da shekarun sun ƙaru zuwa uku. Saƙon sai ya zama:

"Ranka ya daɗe, na yi ɗan lissafi da abin da aka faɗa mini ranar da na zo, lita 8 a rana. A wata 9 na karatu, fetur da gyara suna cin kusan naira miliyan 1.6 a shekara. Wato aikin zai mayar da kuɗinsa cikin kamar shekara biyu da rabi. In litar ba daidai ba ce, a gyara mini in sake lissafin."

Jimlar ƙarshen nan ba ladabi kawai ba ce. Mutum ya fi saurin amsa don ya gyara maka kuskure fiye da don ya ce zai saya. In ya rubuto "ai mun fi shan lita 12," magana ta buɗe, kuma da bakinsa ya ƙarfafa hujjarka.

Na uku, ranar Laraba ta mako na uku, kwana 15 da tura takarda, kwana takwas bayan na biyu. Tazarar ta ƙaru ne saboda dalili. Idan lissafin ya yi aiki, yanzu yana hannun mai makaranta ko ma'aji, kuma irin waɗannan mutanen ba kullum suke haɗuwa ba. Ka bar musu aƙalla mako guda cikakke maganar ta zagaya. Matsa wa shugaban makaranta a wannan tsakanin kamar tsayawa ne a kan mai dafa abinci kana buɗe tukunya.

Abin da ya rage a ransu yanzu shi ne yarda. Kusan duk wanda kake nema ya san wani da aka haɗa wa sola ta yi wata huɗu ta kwanta, mai haɗawar kuma ya daina ɗaukar waya. Ba za ka kawar da wannan da cewa kai mai amana ne ba, wancan ma haka ya ce. Gani ya kori ji. Ka nemi izinin wani da ka yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ba na makon jiya ba, domin sabon aiki kowa nasa yana ci. Ka ce:

"Akwai wani aiki da na yi shekara biyu ke nan, girmansa ya yi kusa da naku, har yanzu da batiransa na farko. Mai wurin ya yarda a je a gani ko a kira shi. In kuna so, ranar Asabar zan iya kai ku, ko in ba da lambarsa ku yi magana ba na wurin."

Tunda ka ce yawancin aikinka na gidaje ne, kar ka ƙirƙiro makarantar da ba ka yi wa aiki ba. Babban gida mai nauyin wuta kusa da nasu ya isa, ka faɗa musu gida ne. Kuma wannan shi ne saƙon da nake so ka bi da kira ko da ƙafa. Zuwa da kai ya fi aike, amma sau ɗaya a cikin jerin, kuma da abu a hannu. Ka tura saƙon da safe, washegari ka kira, ko ka biya ta makarantar da lissafin nan a buge a takarda ɗaya wadda za a iya ajiyewa a teburin mai makaranta. Dattijai da yawa ba sa yanke shawarar miliyoyi a kan abin da ke cikin waya.

Wani lokaci amsar da ka samu a saƙo na farko ko na biyu za ta nuna maka ba yarda ce matsalar ba, kuɗin ne babu a dunƙule. To sai ka sauya na ukun, ka kawo ƙaramin zaɓi: ofis da ɗakin kwamfuta kaɗai yanzu, fankokin azuzuwa zango mai zuwa, da inbatar da za ta ɗauki ƙarin. Sai dai ka faɗa musu gaskiyar da ka sani, cewa idan batiran ruwa ne, haɗa sababbi da waɗanda suka yi shekara suna aiki yana jawo sababbin ƙasa, don haka ko dai a yi ƙarin da wuri ko a tsara shi tun farko.

Abin da ba na so ka kawo a matsayin sabon abu shi ne ragi. Ni na yi wannan kuskuren lokacin da nake kai kujeru da teburan ofis. Wani ƙaramin asibiti ya yi mini shiru, na ƙagu, a tuntuɓa ta biyu na rage kashi 5 cikin 100 ba tare da an tambaye ni ba. Aka ci gaba da shiru, na sake ragewa. Da suka tashi kirana, daga farashin ƙarshen suka fara tayi, kuma akantansu ya ce mini cikin raha da ma sun ƙara mako guda. Ni da hannuna na koya musu cewa shiru yana sauke farashi. Ga shi kuma na nuna musu farashina na farko da ƙari a ciki. Ragi abin teburin ciniki ne, ana bayar da shi ne idan an yi tayi, kuma a madadin wani abu, kamar biyan kaso mafi yawa tun farko. Rage aiki a rage kuɗi daban ne da rage kuɗi aiki yana nan yadda yake.

Na huɗu, Talata, kwana 28, kwana 13 bayan na uku. Wannan sallama ce, kuma sabon abin da take kawowa shi ne mafita. Kana sauke masa bashin amsar da ya yi wata guda yana ɗauke da shi:

"Ranka ya daɗe, na ga alama lokacin bai yi ba, kuma babu komai. Farashin da ke takardar na wata guda ne da ya wuce, kayan kuwa da dala suke tafiya, don haka kar a yi aiki da shi. Zan dakata daga nan. Duk ranar da kuka shirya a yi mini magana in sabunta, awon yana nan a ajiye."

Za ka yi mamakin yadda wannan saƙon yake fito da amsa daga mutanen da suka yi shiru sau uku, saboda ya ba su damar magana ba tare da sun ce e ko a'a ba. Nan za ka ji "wallahi mai makarantar ne ya yi tafiya," ko "sai an dawo hutu." Sharaɗinsa ɗaya ne: in ka ce ka dakata, ka dakata. Wanda ya yi sallama ya dawo bayan kwana uku ya zubar da ƙimar duk abin da ya faɗa a baya. Kuma kar ka sa gugar zana a ciki, irin "tunda ba ku ga dama ba." Haka nan kar ka ƙirƙiri wa'adi na ƙarya, ka ce farashi zai tashi jibi alhali ba ka da labarin haka. In dillalinka ya faɗa maka da gaske kaya za su tashi, wannan labari ne mai amfani, ka isar. In ba haka ba, mai makarantar zai aika yaro kasuwa ya tambayo, ya gano.

Tazarar ke nan: kwana 2, 5, 8, 13. Ba aya ba ce, kana iya matsar da kowanne da kwana ɗaya ko biyu don ya faɗa ranar da ta dace. Abin riƙewa shi ne faɗaɗawar. Girman kuɗin ma yana ja da ita. Mai gidan da ka ba farashin naira dubu 600, wanda shi da matarsa ne za su yanke a daren, ba ya buƙatar wata guda, saƙo uku cikin kwana goma sun ishe shi. Inda kuwa sai kwamiti ya zauna, ka tambayi ranar zaman, ka jera saƙonninka a bayanta: lissafin ya isa kwana biyu kafin a zauna, tuntuɓa ta biyo kwana ɗaya bayan an tashi.

Lokacin turawa ba shi da wani sirri. Shugaban makaranta da sassafe yana bakin ƙofa da taron ɗalibai, don haka tsakanin ƙarfe 10 da 12 ya fi. Ka bar Litinin da safe, ka bar Juma'a daga hantsi, kar ka tura da daddare. A rubuce kuma, ba saƙon murya na minti uku ba, domin murya ba a karanta ta a cikin taro, bai kuma dace a tura wa mai makaranta ita ba. Babban lokacin da ya fi waɗannan duka shi ne na aljihu. Makaranta mai zaman kanta tana da kuɗi ne a makonnin farko na zango, lokacin da iyaye ke biya, musamman zangon Satumba. Takardar da ta isa a ƙarshen zango, ana fafutukar albashin malamai, ko saƙo goma ka bi ta da shi ba za ta motsa ba. Wannan shi ya kawo mu abin da ke bayan na huɗu. Dakatawa ba mantawa ba ce. Ka rubuta sunansu, ka dawo sau ɗaya idan wani abu na gaske ya faru: mako na biyu da komawa makaranta, ko shigowar zafin Maris da Afrilu lokacin da aji ba ya zaunuwa babu fanka, ko ranar da ka gama aikin wata makaranta a unguwarsu. Wannan sabuwar magana ce da sabon dalili, ba saƙo na biyar ba.

Duk wannan jerin na wanda ya yi shiru ne. Da zarar ya amsa, ko da kalma biyu ce, jerin ya tsaya, hira ta fara. Abin dariya ne mutum ya ce maka mahaifinsa ba lafiya suna asibiti, kai kuma ranar Talata ka turo lissafin fetur saboda haka jadawali ya ce. Sai dai amsoshin namu suna buƙatar kunne. "Za mu duba in sha Allahu" ba ta da rana, don haka ka nemi ranar cikin ladabi: "Allah ya yarda. In tuntuɓa bayan mako biyu, ko in bari sai an dawo hutu?" Zaɓi biyu ka ba shi, duka masu sauƙin ɗauka. In ya ce sun ba wani, ka yi godiya, ka tambayi abu ɗaya, farashi ne ko wani abu daban, ka rufe. In ya ce a daina turo masa, magana ta ƙare a nan take. Ban da ladabi ma, dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ba mutum haƙƙin ya ƙi a riƙa aiko masa da talla.

Kar ka ɓata dare kana fassara alamun WhatsApp. Mutum yana iya kashe shuɗiyar alamar nan ya karanta ba ka sani ba, yana kuma iya buɗewa bisa kuskure ta yi shuɗi bai karanta ba. A imel ma haka ne, tun 2021 da kamfanin Apple ya sa manhajarsa ta imel tana iya ɗauko hotunan cikin saƙo da kanta, na'urorin da ke nuna "an buɗe" suka daina zama abin dogaro. Amsa ita ce ma'auni.

Batun baƙon da bai neme ka ba, wanda ka samo lambarsa a allon makaranta, na ce biyu, ga dalili. Shi babu awo, babu takarda, babu alkawari tsakaninku, don haka ba ka da alƙalumansa da za ka yi lissafi, abin faɗarka kaɗan ne. Saƙon gabatarwa, sai biyu a bayansa: ɗaya bayan kwana huɗu ko biyar da misalin aiki mai kama da nasa, sai na ƙarshe bayan kwana goma. Akwai kuma haɗari na zahiri: idan baƙi da yawa suka toshe ka ko suka kai ƙarar lambarka, WhatsApp yana iya rufe ta, kuma lambar nan ita ce shagonka, duk tsofaffin kwastomominka a kanta suke nemanka. Ga irin waɗannan, sallama a ƙofar ofis ta fi saƙo nesa ba kusa ba.

Bakwai ɗin abokinka kuwa, irin alƙaluman nan ne da ke yawo a bakin masu koyar da talla, yau a ce biyar, gobe a ce bakwai ko goma sha biyu. Kamfanin da ke da tawagar masu talla da tarin rahotanni da bidiyo da gayyatar taro yana iya samun sabon abu bakwai na faɗa. Kai in kana da bakwai na gaske, bismillah. Amma akwai hanyar da ta fi jin ta bakin kowa, har da ni. Ka sami littafi, kowace takardar farashi layi ɗaya: ranar turawa, ranakun saƙonni huɗun, da saƙon da aka amsa a kansa. Bayan takarda 20 ka duba. In ka ga kusan duk amsoshin a na biyu suke zuwa, to lissafin fetur ne ke aiki, ka ɗauke shi ka sa a cikin takardar farashin tun farko, ka nemo wani abu na biyun. In ka ga na uku bai taɓa fito da kowa ba, ko dai shaidar taka ba ta yi kama da su ba, ko ba yarda ce damuwarsu ba. In kuma ashirin ɗin duka babu amsa ko ɗaya, ba yawan saƙo ne ya gaza ba, ka koma ka duba farashinka da kuma wanda kake turawa.

Wata dabara da za ta hana ka komawa gidan jiya: ka rubuta saƙonni huɗun a ranar da ka gama takardar farashin, lokacin da awon yake sabo a kanka kuma zuciyarka a kwance take. Saƙon da aka rubuta ranar da kuɗin haya ya matso, ƙamshin matsuwa yake yi, mai karatu kuma yana jin sa.

Shi kuwa shugaban makarantar da ya toshe ka, kar ka neme shi da wata lamba, wannan zai mayar da ƙaramin abu babba. Ka bari sai an shiga sabon zango da mako biyu, ka buga lissafin fetur ɗin nan a takarda ɗaya da sabon farashi, ka je da kanka. Ka gaishe shi, ka ce ka gane ka matsa masa a wancan karon, a yi haƙuri, ga wannan a ajiye ko zai yi amfani. Kar ka zauna sai in ya ce ka zauna, kuma kar ka tambaye shi yaushe za ka ji daga gare shi. Lambarka tana ƙasan takardar.